Taswirar zuriya: maza huɗu sun kamu, babu mace ko ɗaya. Ta ina za a kama ta?

Rabi Aboabo: Assalamu alaikum. Malam Awudu da sauran manya, a taimaka mini da wannan tambayar da aka ba mu a shirin WASSCE. Hoton ya ƙi fita da kyau, shi ya sa na rubuta. Layi na I: miji da mata, duk lafiya. Layi na II: ɗansu II-2 yana da ciwon, matarsa II-1 bare ce, lafiya. II-3 namiji lafiya. II-4 mace lafiya, mijinta II-5 bare, lafiya. Layi na III: II-2 ya haifi III-1 namiji da III-2 mace, duk lafiya, mijin III-2 shi ne III-3, bare, lafiya. Ita kuma II-4 ta haifi III-4 namiji mai ciwo, III-5 mace lafiya, III-6 namiji mai ciwo. Layi na IV: III-2 ta haifi IV-1 namiji mai ciwo da IV-2 mace lafiya. Tambayar: risesif ne na otosom ko risesif ne na kan X? Ni duk wanda na gwada sai ya shiga, kaina ya ɗaure.

Fuseini: Wa alaikumussalam ƙanwata. Wannan ai ba ta buƙatar dogon lissafi. Ƙirga murabba'in da aka cika da baƙi: huɗu. Da'ira ko ɗaya babu. Maza zalla, to X ne. Kuma ki riƙe wannan: duk inda kika ga uba mai ciwo da ɗansa namiji mai ciwo, ki soke X nan take, domin uba Y yake ba ɗansa.

Malam Awudu: Rabi, kanki bai ɗaure ba, idonki ne ya buɗe. Dukansu biyun suna shiga, kuma wanda bai ga haka ba bai karanta taswirar ba tukuna. Fuseini, amsarka ta faɗa daidai, amma hanyar da ka bi za ta kā da kai a wata tambayar. Mu bi ta a hankali.

Na farko, risesif ne kuwa? I-1 da I-2 lafiyarsu ƙalau suka haifi mai ciwo. Haka II-4 da mijinta, haka III-2 da nata. Abu ya ɓuya a iyaye ya fito a 'ya'ya har sau uku, to risesif ne. Wannan ya wuce.

Na biyu, ba ƙirga maza ake fara yi ba. Ana fara neman abin da zai karya X ne, kuma wurare biyu kaɗai ake dubawa. Ki nemi mace mai ciwo, ki ɗaga ido ki dubi mahaifinta. Mace X biyu gare ta, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma sai duka biyun sun lalace ciwon yake fitowa. Uba kuwa X ɗaya tak yake da shi, in nasa ya lalace ba shi da wani da zai rufa masa asiri, dole ciwon ya bayyana a jikinsa. Saboda haka 'ya mai ciwo da uba mai lafiya ba sa haɗuwa a risesif na X. Sannan ki sauke ido ki dubi 'ya'yan wannan macen maza. Kowane ɗa namiji daga wurin uwarsa yake karɓar X ɗinsa, ita kuma duka biyun nata sun lalace, to duk 'ya'yanta maza sai sun kamu. Ɗa namiji ɗaya mai lafiya a ɗakin uwa mai ciwo ya isa ya rushe X.

A taswirarki babu mace mai ciwo ko ɗaya, don haka babu wurin da za a yi wannan gwajin. X bai karye ba.

Rabi Aboabo: To Malam, shi kuma na otosom me yake karya shi? Ai sai in nemi nasa.

Malam Awudu: A nan gizo ke saƙar, 'yata. Babu. Duk taswirar da risesif na X ya bayyana, na otosom ma zai iya bayyana ta, muddin kin yarda ki ce duk baren da ya shigo gidan yana ɗauke da ƙwayar a ɓoye. Shi ya sa na X ake iya sokewa da hujja, amma na otosom sai dai a auna a ga ya yi nauyi. Ɗauki biro ki rubuta wa kowa nasa a ƙarƙashin zato biyun:

```
otosom: I-1 Aa, I-2 Aa, II-4 Aa, II-5 Aa, III-2 Aa, III-3 Aa
kan X:  I-2 XAXa, II-4 XAXa, III-2 XAXa; I-1, II-5, III-3 duk XAY
```

Yanzu ki ƙirga sau nawa ƙwayar ta shigo gidan daga waje. A zaton X sau ɗaya ne, ta wurin I-2. Daga nan ta bi II-4 zuwa 'ya'yanta maza biyu, ta kuma bi II-2 zuwa 'yarsa III-2 zuwa jikansa IV-1. Babu baren da muka ɗora wa laifi. A zaton otosom kuwa sau huɗu ne: I-1, I-2, II-5, III-3. Ƙari uku ke nan a kan na X. Mu ƙaddara ciwo ne da ba a cika samu ba, a ce mutum 1 cikin 50 ke ɗauke da shi. Mutum uku da babu dangantaka tsakaninsu su zamo duk suna ɗauke, 1/50 sau 1/50 sau 1/50 ne, wato 1 cikin 125,000. Sai bayan wannan ne ƙirgar Fuseini take da amfani: in na otosom ne, namiji da mace ba su da bambanci, huɗu su fito duk maza 1/2 ne sau huɗu, 1 cikin 16. Kin ga ƙirga mazan ita ce ƙaramar hujja a cikin biyun.

Amsar da za ki rubuta: mafi rinjaye risesif na kan X. Kada ki rubuta cewa na otosom ba zai yiwu ba.

Fuseini: Na ji, Malam. Amma maganar uba da ɗa fa? Wannan ai ƙa'ida ce da kowa ya haddace.

Malam Awudu: Rabinta ka haddace. Gaskiya ne uba ba ya miƙa wa ɗansa X. Amma taswira ba ta nuna wa ya miƙa, tana nuna wa ya kamu ne kawai. Ka ƙaddara II-2 ya auri 'yar ƙanwar mahaifiyarsa, ita ma tana ɗauke da ƙwayar daga kaka ɗaya. Rabin 'ya'yansu maza za su kamu, daga wurin uwa, uban yana tsaye da nasa ciwon kamar shi ya ba su. Har rabin 'ya'yansu mata ma za su kamu. Kai da ƙa'idarka sai ka soke X alhali X ne. Kafin ka soke, ka duba ko layin auren biyu ne a jere, alamar auren zumunci, sannan ka bi dangin uwar ka ga ko akwai kawu mai ciwon.

Alhaji Tanko: Salamu alaikum malamai. Ni dai abin da na sani AS ba ya auren AS. Yaran nan su je su yi gwaji kafin a kai goro, shi ke nan an huta da zane-zane.

Hajiya Memuna: Alhaji, wannan gaskiya ne a babin sikila, amma yarinyar ba aure ta tambaya ba, jarrabawa ce. Sai dai ka taɓo abin da nake so in ja hankalin Malam a kai. Malam, 1 cikin 50 ɗin nan na littafi ne. A nan Kumasi sikila ba baƙuwa ba ce. Kusan kashi 2 cikin 100 na jariran Gana da ita ake haihuwarsu, kuma tun 1995 aka fara gwada jarirai a garin nan. In ka haɗa masu AS da masu AC, abin ya kai mutum 1 cikin 4 ko ma ya ɗara. Maimaita lissafinka da 1/4: sau uku 1 cikin 64 ne, ba 1 cikin 125,000 ba. Gidan da sikila ta faɗa wa maza huɗu a jere, surukai duk bare, a zango ba abin a riƙe baki ba ne.

Malam Awudu: Hajiya, kin yi daidai, kuma shi ya sa masu tsara tambaya suke yawan saka kalmar cewa ciwon ba a cika samunsa ba. Wannan kalmar ba ado ba ce, izini ne aka ba ɗalibi ya ɗauki duk bare a matsayin wanda ba ya ɗauke da komai. Rabi, koma ki duba ko an rubuta ta a saman zanen.

Rabi Aboabo: An rubuta, Malam. Na tsallake ta ne, ban san tana da aiki ba. Akwai kuma kashi na biyu: wai mece ce damar III-5 ta haifi mai ciwon in ta auri bare mai lafiya. Na rubuta 1/4.

Mutala Lab: 1/4 na me, ƙanwata? Nan ake zubar da maki. Uwarta II-4 tana ɗauke tabbas, tunda ta haifi maza biyu masu ciwo. Uban lafiya, X mai kyau ya ba ta. Saura na uwa: ko mai kyau ko lalatacce, 1/2. In tana ɗauke, kowane ɗa namiji nata 1/2 ne. To in an ce ɗa namiji, 1/2 sau 1/2, amsarki 1/4 ta yi. In kuwa an ce abin da za ta haifa ba tare da an faɗi jinsi ba, sai ki ƙara wani 1/2 na zamansa namiji, ya koma 1/8. Sake karanta kalmar da aka sa.

Kuma ki ga bambancin da zaɓin farko yake kawowa. Da na otosom ne, III-5 'yar Aa da Aa ce mai lafiya. Gida huɗu ne a akwatin Fanet, an cire aa tunda ba ta da ciwon, saura uku, biyu daga ciki Aa. Wato 2/3, ba 1/2 ba. Sai mijin ya zamo yana ɗauke, 1/50 a misalin Malam, sai 1/4 na haɗuwa: 2/3 sau 1/50 sau 1/4, 1 cikin 300. Mace ɗaya, zane ɗaya, 1/8 a wannan hannu, 1/300 a wancan. Haka III-1: a X ya fita fes, domin Y ya karɓa daga ubansa, zuriyarsa ta tsira. A otosom kuwa dole Aa ne.

Rabi Aboabo: Cewa aka yi abin da za ta haifa na farko. To 1/8 ke nan. Na gode Yaya Mutala.

Fuseini: Tambaya ɗaya. In III-5 ɗin ta riga ta haifi maza uku duk lafiya, har yanzu 1/2 take?

Mutala Lab: A'a, ya sauka. In tana ɗauke, maza uku su kuɓuta a jere 1/8 ne. In ba ta ɗauke, tabbas ne, 1. Ka ninka kowanne da 1/2 na farko: 1/16 da 8/16. Rabon mai ɗaukewa shi ne 1 cikin 9. Ya sauka sosai amma bai kai sifili ba, kuma 'ya'ya mata masu lafiya ba sa shiga wannan lissafin ko goma ne, domin X ɗin ubansu ya rufe su.

Hajiya Memuna: Bari in sauko da ku daga allo zuwa benci, inda ake zana abin nan daga bakin mutane. Kuskuren da ya fi yawa ba a lissafi yake ba, a layukan yake. Mace za ta ce "ƙanena ma haka ya yi ta zubar da jini bayan kaciya." Kada a ja layi tukuna. Ƙanen nan ciki ɗaya ne, ko ɗan kishiyar uwa ne, ko ɗan baffa da suka tashi gida ɗaya? Duk ƙane ake ce musu. In ɗan turaka ne da suka haɗa uba kawai, a babin X ba shi da abin da zai gaya maka game da ita. Haka riƙo: yarinya ta tashi a hannun goggonta tun yaye, tana kiranta Mma, in ka zana ta a ƙarƙashin goggo ka sauya mata dangin uwa gaba ɗaya. Tambayar da ke warware wannan ita ce "wa ya haife shi, wa ta haife shi," ga kowane mutum, ɗaya bayan ɗaya. Sannan a tambayi waɗanda suka rasu da ƙuruciya, domin ba a lissafa su in ba an tambaya ba, kuma sau da yawa kawun da ake nema yana cikinsu.

Amma irin gidajenmu suna ba da wata hujja da littafi bai cika kawowa ba. Mace ta yi aure biyu, ta haifa wa miji na farko namiji mai ciwo, ta haifa wa na biyu ma, mazajen ba su haɗa dangi ba. Wannan yana nuna uwa, yana nuna X da ƙarfi. Juya shi: namiji mai lafiya da mata biyu, ɗakin uwargida akwai yaro mai ciwo, ɗakin amarya ma akwai, matan ba 'yan'uwa ba. Abin da yaran suka haɗa uba ne, uba kuwa ba ya ba ɗa X, to a zaton X sai matan biyu kowace tana ɗauke, a zaton otosom kuma har da uban, don haka wannan bai raba su da ƙarfi kamar na farko ba.

Sadiya Asawase: Anti Memuna, ku yi haƙuri in shigo da tawa. A gidan wata ƙawata an gwada jaririyarta mace da ta yi shawara bayan haihuwa, aka ce tana da ƙarancin G6PD. Mijin an gwada shi, lafiya lau. To a littafinmu G6PD na kan X ne. Bisa ƙa'idar Malam ai ba zai yiwu ba ke nan. Har an fara ƙus-ƙus a gidan.

Hajiya Memuna: Subhanallah. Sadiya, je ki kashe wannan ƙus-ƙus ɗin yau, kada ya kwana. Yana yiwuwa sarai, kuma ana gani. A kowane sel na jikin mace X ɗaya ne ke aiki, ɗayan ana rufe shi tun tana ɗan tayi, kuma wanda za a rufe ba zaɓa ake yi ba. Mary Lyon ce ta bayyana wannan a 1961. Yarinyar da ta karɓi lalatacce daga uwa da mai kyau daga uba, in aka yi rashin sa'a mafi yawan sel ɗinta suka rufe mai kyaun, gwajinta zai fito ƙasa kamar na namiji mai ciwon. Uwar ya kamata a duba, ita ma nata gwajin zai iya fitowa daidai alhali tana ɗauke. Abin da ya fi muhimmanci yanzu, a fitar da kafur daga cikin kayan jaririyar, kuma duk inda za a rubuta mata magani a faɗa musu.

Mutala Lab: Ƙari a kan na Hajiya. Gwajin G6PD yana auna ƙarfin sinadarin a jajayen sel ne, ba ƙwayar gado ba. In an yi shi jim kaɗan bayan jini ya farfashe, ko bayan ƙarin jini, zai iya fitowa lafiya a kan wanda ba lafiya ba, domin sababbin sel sun fi tsofaffi ƙarfi. Ban san lokacin da aka gwada uban ba, amma da'ira ko murabba'in da aka bari fari a kan gwaji ɗaya bai zama hujja ba.

Fuseini: To in haka ne ai ƙa'idar Malam ta rushe. Mace mai ciwo, uba lafiya, kuma X ne. Me ya rage?

Malam Awudu: Ba ta rushe ba, iyakarta ka gani. A takardar jarrabawa ana ɗauka cewa duk mace mai ƙwayar biyu ta nuna, mai ɗaya ba ta nuna ba, babu sabon canji, kuma iyayen da aka zana su ne iyayen. A kan wannan sharaɗin, Rabi, da a ce IV-2 aka cika da baƙi, sai ki dubi III-3 ki ga lafiya, ki soke X ba tare da waiwaye ba, ko da maza huɗun nan suna nan. Hujja ɗaya mai karyawa ta fi alamu goma masu nuni. A asibiti kuwa akwai ƙofofin da mace take bi ta kamu uba yana lafiya: rufe X da Hajiya ta faɗa, ko mai X ɗaya tak irin ciwon Tana, ko sabon canji da ya faru a X ɗin da uban ya bayar. Kuma a himofiliya kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ita babu wanda aka sani da ita a dangi kafin su, don haka rashin kawu mai ciwo bai wanke X ba.

Mutala Lab: Ni a nan nake ɗan saɓa wa Malam. In maza huɗu ne ta hanyar mata zalla, sannan mace ɗaya ta fito, a wurin aiki ba zan yar da X ba. Yarinyar zan sa a bincika. Surukai uku masu ɗauke da ciwon da ba a cika samu ba sun fi mini wuyar haɗiya a kan mace ɗaya da X ɗinta ya karkace.

Malam Awudu: A ɗakin gwaji ban musa maka ba. Amma yarinyar nan mai maki za ta fuskanta, shi kuma da takardar amsa a hannunsa.

Hajiya Memuna: Ku biyun ba ku taɓa wadda ta fi zuwa ba. Miji da mata lafiya, yara maza biyu masu ciwo, mace ɗaya lafiya, babu kowa a dangi. Uku cikin mutum biyar ba su nuna komai ba, maza biyu a jere kuwa 1 cikin 4 ne ko a otosom. Me za ku rubuta?

Fuseini: X, tunda maza ne... a'a, tsaya. Bare ɗaya kawai ake buƙata a nan, uban.

Malam Awudu: Ka fara kama hanya. Ni zan rubuta risesif ne, taswirar ba ta isa ta raba su ba, in nemi layin kawunnai da 'ya'yan innoni maza.

Mutala Lab: Ni kuma in tambayi wane ciwo ne. In gwiwa ke kumbura, jini yana daɗewa bai tsaya ba, a auna fakta 8 da fakta 9, ba sai an jira kawu ba.

Rabi Aboabo: Malam, tambaya ta gaba a takardar tana da mace mai ciwo a layi na II, babanta ma baƙi ne, amma ba ta da ɗa namiji, mata uku ta haifa duk lafiya. Bari in rubuta genotayif ɗin kowa tukuna, zan turo bayan magariba.